Lacca: Lissafin ɗigon ƙarin ruwa ga yaro da buret

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ma'aikatan jinya da ɗalibai, kafin ku yage ledar buret, wato robar ƙarin ruwa mai kwalbar awo a jikinta, ku juya bayan ledar ku karanta. Za ku ga an rubuta ɗigo 60 a mililita ɗaya. Lissafinmu na yau duka a kan wannan lamba ya rataya.

Ƙa'idar ita ce a ninka yawan ruwa a mililita da ɗigon da ke kan leda, sannan a raba da yawan mintuna. To awa ɗaya minti 60 ce, buret kuma ɗigo 60, sai sittin ta cinye sittin. Ke nan yawan mililitar da likita ya rubuta a awa, shi ne yawan ɗigo a minti.

Mu ɗauki yaro mai kilo 12 da ba ya iya sha, ana so a ba shi ruwan da jiki ke bukata yau da kullum. Kilo goman farko, kowanne mililita 4 a awa, 40 ke nan. Biyun da suka rage, kowanne mililita 2, ya ba da 4. Jimla 44 a awa, wato ɗigo 44 a minti. Ɗigon ƙanana ne, suna ruɗa ido, don haka ki kawo agogo dab da kwalbar ɗigo, ki murza 'yar tayar a hankali har ki samu 11 a daƙiƙa 15. Daga nan ki ƙirga minti guda cur don tabbatarwa.

Amma fa a kula, wannan sauƙi na awa ɗaya ne. Idan magani aka zuba, aka ce mililita 50 ya shiga cikin minti 30, sai a koma ƙa'ida: 50 sau 60 ya zama 3000, a raba da 30, ɗigo 100.

Na taɓa tarar da an sa wa yaro robar manya mai ɗigo 20, aka kuma saita 44. Ku lissafa. Mililita 132 ke shiga a awa, ninki uku! Allah ya sa aka gano da wuri. Shi ya sa ba na son a cika buret taf. Ki zuba na awa ɗaya ko biyu, ki rufe makullin sama, ki bar ƙofar iska a buɗe, ko ruwan ya kwace ba zai wuce wannan ba.

Ɗigo yana canzawa idan yaro ya lanƙwashe hannu. Bayan awa ɗaya ki duba layin buret: in an fara daga 88, ya kamata ya sauko 44. Idan bai sauko ba, duba kanula, ko ta toshe ko wurin ya kumbura. Idan ya zarce, ko fatar idon yaro ta kumbura, numfashi ya ƙaru, ki tsayar da ruwan ki kira likita.