Ƙarin Farashi: Wa'adin Sanarwa da Haƙƙin Tsofaffin Abokan Ciniki

Assalamu alaikum jama'a. Maganarmu yau ta shafi mai sayar wa kamfanoni da 'yan kasuwa kaya, wanda tsadar sarrafawa ta cim masa har ƙarin farashi ya zama dole. Zan ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe.

A ce kana yin kwalayen zuba kaya. Kowane kwali yana cin maka 80, kana sayarwa 100, ribarka 20. A cikin 80 ɗin nan, rabi kuɗin takarda ne, wato 40. Sai takarda ta tashi da kashi 20 cikin ɗari. Nawa aka ƙara maka? Takwas kacal. Yanzu kwali yana cin 88, idan ka sayar 108 ribarka ta dawo yadda take. To ku lura da nan, domin a nan mutane ke zubar da mutuncinsu. Wani sai ya rubuta cewa takarda ta tashi da kashi 20, don haka shi ma ya ƙara kashi 20. Wanda ke sayen kaya wa kamfani aikinsa ke nan, ya san rabon takarda a cikin kwali, zai yi lissafin kafin ya gama karanta wasiƙar. Daga ranar, ko gaskiya ka faɗa sai ya bincika. Dalili ɗaya ko biyu da za su jure lissafi sun isa. In kana son ƙarin riba, ka ƙara, amma kada ka jingina ta ga takarda.

Sai wa'adi. Kafin komai, buɗe yarjejeniyar da kuka sa wa hannu. Idan an rubuta cewa farashi ba zai canja ba tsawon shekara, ko sai da sanarwar kwanaki kaza, wannan ne ke iko, ba son ranka ba. Inda babu sharaɗi, ni a ganina kwana 60 ya fi 30 adalci, domin mai sayen kwalinka shi ma ya riga ya ba wasu farashi bisa tsohon kuɗinka, yana buƙatar lokacin gyara nasa. Amma ka san abin da kake biya: wata biyun nan ribarka 12 ce, ba 20 ba.

Ga kuma ramin da ake faɗawa. Mutumin da ya saba ɗaukar kwali 1,000 a wata, da ya ga sanarwa sai ya ce a kawo masa 6,000 a tsohon farashi. Ba laifinsa ba ne, ko ni ne haka zan yi. Idan ka amsa, ka ɗage ƙarin da wata shida a kansa, ga injinka ya cika da aikin da ba riba sosai. Maganinsa layi biyu ne a cikin wasiƙar: cewa a lokacin wa'adi kowa zai samu tsohon farashi gwargwadon abin da ya saba ɗauka kowane wata cikin wata shida na baya, kuma sabon farashi zai hau kan kayan da aka kai daga rana kaza. Ranar kai kaya nake nufi, ba ranar da aka nemi kayan ba. Wanda bai fayyace wannan ba, zai sha musu.

Yanzu tsofaffin abokan ciniki. Daɗewa kaɗai ba ita ce amana ba. Wanda ya shekara goma tare da kai amma kullum sai ka bi shi bashi, ban sa shi a wannan layi ba. Duba littafinka: wa ke saye a kai a kai, ya kuma biya kan lokaci? Irin wannan, kada wasiƙa ta riga muryarka isa gare shi. Kira shi, ko ka taka ka je. Sannan ka ba shi sassauci mai ranar ƙarewa: bayan kwana 60 ya biya 104 na wata uku, daga nan ya koma 108 kamar kowa. Mu lissafa: huɗu sau 1,000 sau wata uku, 12,000 ke nan ka bari. Mutumin da ke kawo maka ribar 20,000 a wata, wannan bai kai ribar wata ɗaya ba.

Abin da nake hanawa shi ne ka ce masa shi ba za a taɓa ƙara masa ba. Ƙari na gaba zai tarar da shi a 100 wasu suna 115, tsallen ya yi masa yawa, kuma labari ba ya ɓuya tsakanin 'yan kasuwa. Don haka ko da baki kuka yi magana, ka aika masa a rubuce: 104 daga rana kaza, 108 daga rana kaza, ya sa hannu ya dawo maka da kwafi.