Dayod ɗin da ke hana rile kashe maka transisto

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau kan wannan ɗan ƙaramin dayod za mu tsaya, wanda ake liƙawa a ƙafafun kwayil ɗin rile, don da yawa daga cikin masu koyo suna tsallake shi tunda ko babu shi rile yana yin ƙas-ƙas ɗinsa, sai bayan kwana biyu transisto ya mutu a rasa dalili.

To ku duba abin da ke kan teburin nan. Ga rile mai bolt 12, irin shuɗin nan SRD-12VDC-SL-C, na auna kwayil ɗinsa da mita ya ba ni wajen om 400, kenan in ka raba 12 da 400 yana jan miliyam 30. Transiston da ke kunna shi BC547 ne, wanda ke iya ɗaukar miliyam 100, kuma tsakanin kalekta da emita yana jure bolt 45. Ƙafa ɗaya ta kwayil tana kan fozitib, ɗayar tana kan kalekta, emita kuma ta tafi nagetib. In ka kalli lissafin nan sai ka ce ai babu matsala, 30 bai kai 100 ba, 12 bai kai 45 ba. Gaskiya ne, lokacin kunnawa lafiya lau, wajen kashewa ne ake yin ɓarnar.

Kwayil waya ce da aka nannaɗe a jikin ƙarfe, in wuta na bi ta ciki sai ta tara ƙarfin maganaɗisu, kuma halinta shi ne ba ta yarda a tsayar da wutar da ke gudana cikinta farat ɗaya. Kamar ruwa ne mai gudu a bututu ka rufe famfo da sauri, za ka ji bututun ya buga gum. Da transisto ya yanke hanya, maganaɗisun nan zai rushe, kwayil ta juya ta zama ita ce mai ba da wuta, ta yi ta ɗaga boltej a kan kalekta har sai wutar ta samu inda za ta bi. Lissafinsa kenan:

```
V = L × di/dt
```

Mu ƙaddara L ɗin kwayil ɗin nan, wato ƙarfinta na tara maganaɗisu, henri 0.2 ne, wutar da ke ciki amfiya 0.03, transisto kuma ya yanke ta cikin maikirosakan 10. Ka ninka 0.2 da 0.03 ka raba da 0.00001, bolt 600 za ka samu, daga batir ɗin bolt 12 fa! A zahiri ba lallai ya kai can ba, domin da ya haura abin da BC547 ke jurewa sai wutar ta fasa ta cikinsa, duk kashewa ɗaya bugu ɗaya, har ranar da zai gaji. Alamarsa yawanci rile ya maƙale a kunne ko ka cire sigina daga bes, in ka auna kalekta da emita sai mita ta yi ƙara, ya haɗe kenan.

Yanzu ga dayod 1N4007 a hannuna, ku kalli wannan zoben mai ruwan azurfa a gefe ɗaya. Gefen zoben shi ke zuwa fozitib, ɗaya gefen kuma kan kalekta, ku liƙa shi da dalma daf da ƙafafun rile, kar ku ja masa doguwar waya. In rile yana kunne dayod ɗin yana zaune ne a juye, ba ya wuce da komai. Da an kashe, kalekta ta ɗara fozitib da kamar bolt 0.7, sai ya buɗe, wutar ta riƙa zagayawa tsakanin kwayil da dayod tana zama zafi kaɗan-kaɗan har ta ƙare. Abin da transisto zai gani bai wuce bolt 12.7 ba.

Don Allah ku kula da zoben nan sosai, in kuka juya shi to da transisto ya kunna kun haɗa fozitib da nagetib kai tsaye ta cikin dayod ɗin da transiston, nan take transiston zai ƙone.

In mota ce ta fanka ko ta ƙaramin famfo kuke tuƙawa, ɗaurin iri ɗaya ne, sai dai dayod ɗin dole ya iya ɗaukar wutar da motar ke ja, in kuma da PWM, wato kunnawa da kashewa da sauri-sauri, kuke rage mata gudu to 1N4007 ya yi nawa, ku nemi mai sauri kamar 1N5819, shi amfiya 1 ne bolt 40. Wannan ɗaurin na motar da ke juyawa gefe ɗaya ne kawai, mai gaba da baya dayod huɗu take buƙata. Sannan ku sani dayod yana sa rile ya ɗan yi jinkirin saki saboda wutar da ke ta zagayawa, in aikinku na son saurin saki sai ku jera masa dayod zena, amma ku tabbata boltej ɗin zenan in an tara da 12 bai kai 45 ba.