Zanen Inna Tsohuwa a cikin hoto

Salamu alaikum mutanen Tawa, ina kwananku, ya zahi? Mu nan Beljik sanyi ne ke cin mu. Jiya ƙanwata ta buɗe adakar Inna tsohuwa ta ɗauko wani zane ta turo min hotonshi, wai yaya duba min, wannan saƙar hannu ce ko ta inji, don akwai mai son saye. To bari mu duba tare.

Ni in an ba ni hoton irin wannan, ba launi nike fara kallo ba, ɗinki nike nema. Kun ga layin ga da ya ɗan kumbura daga sama har ƙasa? Nan ne anka haɗa ƙwarya da ƙwarya, don masaƙi siriri yake saƙawa, dogo, a yanka a jera a ɗinke gefe da gefe. Na ƙirga goma sha takwas, kowace faɗinta kamar yatsa huɗu, ka ce santimita 7, kun ga ya ba da mita ɗaya da 'yan kai, daidai zanen ɗaurawa.

Yanzu bari in matso da hoton. Wannan saƙi ne, mai ɗigo-ɗigo kamar gashin zabo. Daga nesa sai ka rantse toka-toka ne, amma zare iri biyu ne kawai, fari da wanda anka rina da baba, an jera su a zaren tsaye, an kuma riƙa canza su a zaren kwance da ƙoshiya ke kaiwa da komowa, shi ya sa yake fitowa 'yan gida-gida ƙanana. Jan layin ga na tsakiya kuwa, tunda ya bi tsawon ƙwarya bai yanke ba, tun wajen jan zaren tsaye anka sa shi. Da a ƙoshiya yake da ya gitta.

Ga abin da ya kwantar min da hankali. Ku duba bakin ɗinki, gidajen hagu da na dama ba su haɗu daidai ba, wani ya ɗan hau wani ya ɗan sauka, don hannu ba ya buga zare da ƙarhi ɗaya kullum. Na inji da anka buga ma zane bisa, komi tsab yake kamar takardar lakkwal, in ka juya bayanshi kuma sai ka ga ya koɗe.

Launi dai hoto maƙaryaci ne wallahi, a ɗaki ta ɗauka, shuɗin ya koma baƙi, har wasu igiyoyi na rawa bisa allon waya waɗanda babu su a zanen. Na ce mata gobe da hantsi ki shimfiɗa shi cikin inuwa, ki aza hannunki bisa don in gane faɗi, ki ɗauko min bayan ma. Maganar saidawa kuma ki bari sai na yi magana da Baba.