Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Suna a Instagram, X da TikTok

"Ina sayar da turaren wuta a Instagram, kuma ina son in sauya sunan shafina. Shin mabiyana za su watse?" Tambayar Hajiya Rabi ke nan daga Birnin Kebbi.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ko mabiyi ɗaya ba za ki rasa ba, domin manhajar tana gane kowane shafi ne da wata lamba ta dindindin, ba da sunan da ke biye da alamar @ ba. Hotunanki da saƙonninki duk suna nan. Ki shiga `Edit profile`, ki taɓa `Username`, amma ki kula kada ki rikita shi da `Name`, wanda shi ne sunan da ake gani a saman shafi kawai.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsohon adireshi. Idan kin buga `instagram.com/` haɗe da tsohon suna a kan leda ko kwalaben humra, duk wanda ya bi shi zai tarar babu shafin, domin ba a karkatar da shi zuwa sabon. Adireshin hoto guda, mai ɗauke da `/p/`, zai ci gaba da aiki. Haka ma hoton da aka liƙa ki a jikinsa zai nuna sabon suna. Ina maimaitawa saboda 'yan kasuwa: adireshin da kika buga a kan leda ko kwalabe ba ya sauyawa, kuma ranar da wani ya ɗauki tsohon sunan, wurinsa zai riƙa kai masu cinikinki, har ya iya karɓar kuɗinsu da sunanki. Instagram yakan ba da kwana 14 na komawa tsohon suna. A ra'ayina, da zarar sunan ya kuɓuta, ki buɗe wani shafi da shi, ki rubuta inda kika koma.

"X ya ƙi karɓar `turarukan_birninkebbi`, alhali Instagram ya karɓa," in ji Malam Sani daga Argungu.

Malam, ƙirga da kyau, haruffa 21 ne. Iyakar X 15 ce, ta Instagram 30, kuma X ba ya karɓar ɗigo. Dukansu biyu ba sa karɓar ƙ, ɗ da ɓ, sai dai ka rubuta k, d, b. A X kuma, kana sakin suna wani zai iya ɗauka.

"Sau nawa zan iya sauyawa a TikTok?" Wani ɗalibi ne daga Jega.

Sau ɗaya a kwana 30, ɗan samari, saboda haka ka tsaya ka zaɓa da natsuwa. Lokaci ya cimma mana, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.