Kuɗin harajin da aka yanke maka fiye da ƙima a Ingila: me ke riƙe shi?

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Gombe ina gaisuwa, 'yan Jekadafari da Bolari da Pantami da 'yan uwa na Kumo, da fatan kowa na lafiya. Yau daga ɗakina nake magana a nan Bradford, sanyi ya hana fita. Maganar ta 'yan uwanmu ce da suka shigo ƙasar nan aiki ko karatu, da iyayen da ke gida suna jin yaro na ta cewa "Baba a ƙara haƙuri, gwamnati za ta dawo min da kuɗi", wata ya wuce wani ya shigo shiru. Baba wallahi ba ƙarya yaron nan yake ba, bari in nuna muku yadda abin yake.

A nan haraji tun kafin albashi ya shigo hannunka ake cire shi, tsarin sunansa PAYE, hukumar kuma HMRC. Shekarar haraji tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun baɗi, kuma fam 12,570 na farko da ka samu a shekarar ba a taɓa shi, abin da ya hau kai ne ake cire kashi 20 cikin ɗari in dai albashinka irin namu ne na masu ƙaramin ƙarfi. Toh ku duba takardar albashin nan da na riƙe, kun ga wannan kusurwar? 1257L, ita ce lambar harajin da yawancinmu ya kamata mu gani. In ka ga BR ko 0T, ko ka ga an liƙa W1 ko M1 a ƙarshe, to tsaya ka duba da kyau, don mai yiwuwa ana cire maka fiye da ƙima.

Akwai wani ƙanina ɗan unguwarmu da ya iso farkon Oktoba ya kama aikin kula da tsofaffi, fam 2,000 a wata. Da yake bai taɓa aiki a ƙasar ba ba shi da P45, ita ce takardar da tsohon wurin aiki ke ba ka in ka bari, sai aka miƙo masa fom ɗin Starter checklist. Zaɓi uku ne a ciki, A da B da C. Shi A ne nasa, wato wannan ne aikinsa na farko tun 6 ga Afrilu, amma wadda ke taya shi cikewa ta danna masa C, wanda ke nufin yana da wani aikin daban. Shi ke nan aka ɗora shi a BR, kowane fam da ya samu ana cire kashi 20 ba rangwame. Fam 400 duk wata, daga Oktoba zuwa Maris wata shida fam 2,400 ke nan, alhali duk abin da ya samu a shekarar fam 12,000 ne, bai ma kai 12,570 ba. Ko kwabo bai kamata a cire masa na haraji ba, duka 2,400 ɗin nasa ne. Amma ku lura, abin da aka cire na National Insurance, wato kuɗin inshorar gwamnati da shi ma ake cirewa a albashi, lissafinsa daban, ba ya cikin wanda zai dawo.

Abin da ke min ciwo shi ne da ya lura tun Nuwamba, ya shiga manhajar HMRC ko ya buga musu waya aka gyara lambar, kuɗin a cikin albashi na gaba za su dawo ba wani jira. Da shekara ta rufe kuwa sai layi. Me ya sa? Saboda sai kowane wurin aiki ya gama tura bayanan ƙarshen shekara, shi kansa mai aikin an ba shi har 31 ga Mayu ya damƙa maka P60, takardar da ke nuna jimillar abin da ka samu da abin da aka cire. Bayan nan ne hukuma ke bin mutane miliyoyi tana daidaita lissafi, wasiƙar sakamakon da ake kira P800 kuma tana fitowa ne tsakanin Yuni har zuwa Maris na gaba. Don haka wanda ke zuba ido a Afrilu ya yi sammako da yawa.

Sai kuma abin da ya fi kama mu mu Hausawa, wato suna. A fasfo Muhammad, wurin aiki sun rubuta Mohammed, banki kuma sun ɗauki sunan kaka sun mai da shi na farko, ga wasu sun fara aiki lambar National Insurance ba ta fito ba kuma da ta fito ba su kai wa masu biyan albashi ba. Na'ura ba ta san ɗan waye kai ba, in suna da ranar haihuwa da lambar nan ba su yi daidai ba sai bayanan albashinka su kasa haɗuwa da fayil ɗinka, sai mutum ya zauna ya warware da hannu, nan watanni ke tafiya. Haka adireshi, yawancinmu muna sauka ne a ɗakin wani kafin mu samu namu, mu tashi ba mu sanar ba, wasiƙar P800 ta je tsohon gida ta kwanta a ƙasan ƙofa tare da tallan fiza.

Toh me za ka yi? Ka fara buɗe Personal tax account, wato shafinka na haraji, a dandalin gwamnati na GOV.UK, ka duba wuraren aikin da aka rubuta maka a shekarar. Wani lokaci za ka ga wuri ɗaya ya fito sau biyu, ko wanda ka bari tuntuni har yanzu yana nan kamar kana yi, wannan shi ke sa a ɗauka kuɗinka sun fi haka. Ka ɗauko P60 da kowace P45 da takardun albashinka ka gwada da abin da ke allo, in sun saɓa, masu biyan albashi na wurin aikin ne za su tura gyara, ka bi su da imel kar ka tsaya a maganar baki. Ka gyara adireshi a wurin nan take.

In P800 ta iso ka karanta ta har ƙasa don iri biyu ce. Wata za ta ce za a aiko maka cak, wannan cikin kwana 14 yake zuwa. Wata kuma za ta ce ka nema da kanka a intanet, kuma in ba ka nema ba kuɗin na nan zaune, mutane da yawa a nan suke maƙalewa suna jiran abin da su ake jira. Lambar da ke jikin wasiƙar da ta National Insurance kawai za ka sa, in ka zaɓi a tura banki kwana biyar na aiki ne, in ka ce cak kake so zai iya kai sati shida. Kuma don Allah saƙon tes da ke cewa danna nan ka karɓi kuɗinka na 'yan damfara ne, kamfanonin da ke cewa za su nema maka kuwa kaso suke yanka a abin da za ka yi kyauta.

Masu shirin komawa gida a tsakiyar shekara, naku fom ɗin P85 ne, a haɗa da bayanan P45 ɗin aikin ƙarshe, sai dai in kana cikin masu cike Self Assessment, wato masu kai wa hukuma lissafin harajinsu da kansu, su ta can za su bi. Kar ka rufe akawun ɗinka na nan kafin ka hau jirgi, don cak na fam wahala ne a Gombe, in kuma dole ne akwai gurbi a fom ɗin da za ka sa amintacce ya karɓa a madadinka. Wanda ya riga ya koma ma ƙofa ba ta rufe ba, shekara huɗu ake bayarwa daga ƙarshen shekarar harajin, wato na shekarar da ta ƙare 5 ga Afrilu 2024 kana da har 5 ga Afrilu 2028. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu.