Amsoshin Tambayoyinku: Yaron Shago Ya Yamutsa Min Folda

Wasiƙarmu ta farko ta zo ne daga wani mai shagon buga takardu a Kabuga. Yana cewa: "Ranar Litinin da la'asar yaron shagona ya goge wasu fayiloli a foldar ayyukan ɗalibai, wasu kuma ya yi rubutu a kansu. Sai yau Laraba na lura. Za ta koma yadda take?"

To Malam, za ta iya komawa, amma bisa sharaɗi: sai in kwamfutar ta riga ta adana kwafi kafin ɓarnar. Ka danna foldar da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, sannan Previous Versions. In akwai rabo, za ka ga jerin kwanaki da lokuta. Ka nemi na Litinin kafin la'asar, misali na ƙarfe 2:00.

A nan mutane ke yin gaggawa su danna Restore. Don Allah ka dakata. Ai an ci gaba da aiki ranar Talata. A ce wata ɗaliba ta zo an ƙara mata shafi goma a babi na huɗu: Restore zai ɗora kwafin Litinin a kan fayil ɗinta, shafukan nan su tafi, kuma babu maɓallin janyewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Open za ka fara dannawa, ka leƙa ciki ka tabbatar fayilolin lafiyayyu ne, sannan ka kwafo waɗanda suka lalace kaɗai zuwa wata sabuwar folda. Ni ko a tawa kwamfutar haka nake yi.

Idan kuwa rubutun da ka tarar shi ne "There are no previous versions available", to ba a kunna File History ba, wato tsarin Windows mai adana kwafin fayiloli a wani faifai daban, ko kuma faifan ajiyar ba ya jone. Tun Windows 8, a shekarar 2012, ake da File History, amma ba ya kunna kansa. Domin gaba, sai ka jona faifai na waje, ka shiga Control Panel, File History, ka danna Turn on. Daga nan duk awa ɗaya yake ɗaukar kwafin abin da ya canza a wurare irin su Documents da Desktop. Foldar da ka ajiye can gefe a faifan D: ba ta ciki sai ka sa ta da kanka.

Saura dabara ɗaya kafin ka fid da rai. Windows kan ɗauki hoton faifai a ɓoye, wato kwafin yadda faifan yake a lokacin, idan tsarin kariyarsa mai suna System Protection na kunne. Buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta:

```
vssadmin list shadows
```

In ya nuna hoton da ya riga la'asar ɗin Litinin, kai wa mai gyara kwamfutar yau ɗin nan ya ciro maka fayilolin, domin tsofaffin hotuna gogewa suke yi idan wurin da aka ware musu ya cika. Shi kuma yaron, a buɗe masa nasa asusun daban a kwamfutar.