Rabin kwabo: yadda ake gwada lissafin kuɗin ruwa

Laccar da aka gabatar ga matasa masu rubuta manhaja a Jos, an kwafo ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla. Wanda ke kusa da taga ya taimaka ya rufe ta, sanyin nan na Jos ba ya sabo.

Abu huɗu na zo da su yau game da rubuta gwaji mai gudanar da kansa ga fankshin ɗin da ke lissafa kuɗin ruwan rance. Ga fankshin ɗin a allo, da yaren Python na rubuta shi:

```python
from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP

def kudin_ruwa(uwa, kaso, kwanaki):
    if uwa < 0 or kaso < 0 or kwanaki < 0:
        raise ValueError
    r = uwa * kaso * kwanaki / 365
    return r.quantize(Decimal("0.01"), ROUND_HALF_UP)
```

Uwar kuɗi sau kason shekara sau kwanaki, a raba da 365, a tsayar a kan kwabo. Shi ke nan.

Na farko, amsar da za ka sa a cikin gwaji, daga ina ta fito? Na ga yara da yawa suna kunna fankshin, su ga abin da ya bayar, su kwafe shi su ce wannan ce amsa. To ai ka sa ɗalibi ya duba takardar jarrabawarsa da kansa. Amsa daga takardar yarjejeniyar rance take fitowa, da biro da takarda. Mai tumatir a Farin Gada ya karɓi naira 100,000 a kan kashi 24 cikin ɗari a shekara, na kwana 30. Ku buga: 24,000 sau 30 ya ba da 720,000, a raba da 365, an sami 1,972.6027 da 'yan kai. A kwabo, naira 1,972.60. Wannan za ka rubuta, tun kafin ka taɓa kwamfuta.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri, shi ne rabin kwabo. Wani zai ce, Malam, yaushe rabon da a ga kwabo a kasuwar Taminus? Gaskiya ne, ko almajiri ba zai karɓa ba. Amma littafin banki yana ganinsa, mai binciken asusu kuma ba ya sa hannu sai ɓangare biyu sun yi daidai.

Lambobi masu santsi ba sa kama komai. In ka gwada naira 100,000 na shekara guda, 24,000 za ta fito ko fankshin ɗinka na da lafiya ko ba shi da ita. Sai ka nemo lambar da za ta faɗa tsakiya cif. Ku ɗauki naira 50,000.10 a kan kashi 25 na kwana 365. Amsa ita ce 12,500.025. Kun ga biyar ɗin nan ta ƙarshe? Rabin kwabo ce. Sama za ta ko ƙasa?

Hanya biyu aka fi bi. Da `ROUND_HALF_UP`, irin wadda aka koya mana a firamare, rabi sama yake zuwa, sai a sami 12,500.03. Da `ROUND_HALF_EVEN`, rabi yana komawa wajen lambar da ke rabuwa biyu, sai a sami 12,500.02. Abin da nake so ku riƙe, Python ta biyun take bi in ba ka gaya mata komai ba. Ku buga `round(2.5)` yanzu, masu kwamfuta a buɗe. Me ya fito? Biyu. Ba uku ba, biyu. Haka ma `quantize`, in ka manta ba ka faɗi hanya ba. To ranar da wani abokin aikinka ya zo gyara ya share `ROUND_HALF_UP`, wane gwaji ne zai yi ihu? Wannan na rabin kwabo ne kaɗai.

```python
def test_rabin_kwabo():
    r = kudin_ruwa(Decimal("50000.10"), Decimal("0.25"), 365)
    assert r == Decimal("12500.03")
```

Ku lura na sa lambobin a cikin alamar zance. Dalili, kwamfuta ba ta iya ajiye yawancin ɓarin lamba daidai a `float`. Ku buga `round(2.675, 2)`, za ta ba ku 2.67, domin abin da ta ajiye ya ɗan gaza 2.675. In ka rubuta `Decimal(2.675)` ba alamar zance, ka kwaso wannan dattin ka zuba a sabon kwano.

Bari in ƙara wani, har yanzu muna kan rabin kwabon. Akwai `pytest.approx`, mutane na son sa domin yana sa gwaji ya wuce ba hayaniya. Don Allah kada ku kai shi wajen kuɗi. In ba ka canja masa komai ba, yana yafe kashi ɗaya cikin miliyan na lambar. Kashi ɗaya cikin miliyan na 12,500.03 ya kai 0.0125, ya wuce kwabo guda. Wato 12,500.02 za ta wuce ta gabansa ya ɗaga mata hannu. Kuskuren da ka rubuta gwajin dominsa, shi ne zai fara yafewa. A kuɗi `==` ake sawa, ba ragi.

Sannan a ina ake tsayar da lambar? Ku koma ga mai tumatir. Ruwan kwana guda naira 65.7534 ne. In manhaja tana tsayarwa kullum, 65.75 sau 30 ya zama 1,972.50. In a ƙarshe take tsayarwa, 1,972.60. Kwabo goma tsakani, kuma dukansu lissafi ne mai kyau. Takardar yarjejeniya ce za ta raba gardama, in ba ta faɗa ba ka tashi ka je ofishin akanta ka tambaya, abin da ya gaya maka ka mayar da shi gwaji.

Na nawa muke? Na uku, ko? Lokaci ya ja, bari in haɗa sauran. Ku gwada bakin iyaka: kwana sifili ya ba da 0.00, kaso sifili ma haka. Lambar da ta gaza sifili a ƙi ta, `pytest.raises(ValueError)` ne zai tabbatar muku. Sai shekara mai kwana 366 irin 2024 da 2028. Rancen nan na 100,000 in ya cinye irin wannan shekara ana rabawa da 365, ruwansa 24,065.75 ne, ba 24,000 ba. Ku sa ta a gwaji, ku tambayi akanta ko haka ake so.

Na ga hannu. Na'am, Hajiya?

(Wata daga cikin mahalarta ta ce a ƙungiyarsu ba sa ba da rance da ruwa, murabaha suke yi, shin wannan ya shafe su?)

Ya shafe ku ƙwarai, Hajiya, na gode da kika tayar da ita. A murabaha an riga an yanke farashi da riba tun ranar ciniki, saboda haka maganar kwanaki ta ragu. Inda kwabo ke ɓuya a wajenku shi ne rabon biya. A ce kun sayar wa mace keken ɗinki a kan naira 100,000, za ta biya sau uku. Kowane biya 33,333.33 ne, in an tara uku sai a ga 99,999.99. Kwabo ɗaya ya maƙale, asusunta ba zai rufu ba, manhaja za ta ci gaba da nuna ana bin ta bashi alhali ta gama. In kuma kuka ɗaga kowane biya zuwa 33,333.34, kun karɓi 100,000.02, kwabo biyu fiye da farashin da aka yi alkawari, kuma ke kin fi ni sanin abin da malamai za su ce a kan wannan ƙarin. Abin da ake yi, biyan ƙarshe ya ɗauki ragowar, biyu na farko 33,333.33, na uku 33,333.34. Gwajin da za ki rubuta ya tara dukan biyan ya tabbatar sun yi daidai da farashi, ki maimaita shi da sau 3, sau 7, sau 12, domin su ne 100,000 ba ta rabuwa da su salin alin. Ki kawo kwamfutarki bayan sallar la'asar mu rubuta shi tare.